Alamar ragin da ta ɓace a hanya

*Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar shekarar farko ce. Ana gobe gwaji na yi wata tambaya ta intagireshan, x⁻² daga 1 zuwa 2, na samu 1/2. Na ɗauki hoton littafina na tura wa malamin da ke yi mana darasin ƙarin bayani, sai ya amsa da cewa 7/3 ne. Na goge aikina, na kwana ina neman inda na kauce. Washegari ya ce a gaban kowa wai hotona ne bai fita ba. Wallahi na ji kunya, kuma ni a wayata hoton tsaf yake. Yanzu ko tambaya ba na son turawa. Laifin wa ne, kuma yaya zan yi?*

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Amsarki daidai ce, 1/2 ne. Shi ma malamin naku lissafinsa bai karye ba: 7/3 ita ce amsar ∫ x² dx daga 1 zuwa 2. Ke kin yi wata tambaya, shi ya amsa wata daban, kuma abin da ya raba tambayoyin biyu ɗan layi ne kwance wanda tsawonsa bai wuce milimita 2 ba. Ya bar littafinki lafiya, bai isa idonsa ba. Ni ma wannan aikin nake yi, hotunan 'yan shekarar farko na shigo min kusan kullum, don haka zan amsa miki, amma abokan karatunki su ma su matso kusa, domin ba ke kaɗai ba ce.

Na fara da abin da ya sa lissafi ya fi sauran rubutu saurin lalacewa a hoto. In wani ya rubuto miki "na zauna a kasa" ya bar ƙugiyar ƙ, ba za ki tsaya ba, jimlar da kanta ta gyara kalmar. Lissafi ba ya yi wa kowa wannan alfarma. x² tambaya ce cikakkiya, x⁻² ma tambaya ce cikakkiya, dukansu ana samunsu a takardar shekarar farko, babu abin da zai ankarar da mai karatu cewa wani abu ya faɗi. Kuma abin haushin, alamomin da suka fi ɗaukar nauyi su ne mafiya ƙanƙanta a shafi: ragin da ke cikin fawa, ɗigon da ke raba 2.5 da 25, ɗan karan da ke raba f′ da f, ƙananan lambobin da ke sama da ƙasan alamar ∫. Hoton da ya isa a karanta wasiƙa bai isa a karanta lissafi ba.

Kin ce a wayarki hoton tsaf yake, kuma na yarda. Sai dai abin da ke wayarki da abin da ya sauka a wayarsa ba lallai su zama abu ɗaya ba. Bari mu ƙirga, tunda ƙirga ce sana'armu.

Takardar A4 tsawonta milimita 297 ne. Kyamarar waya mai megafiksel 12 tana fitar da hoto mai fiksel 4000 a tsawo, 3000 a faɗi. In shafi ɗaya ya cika hoton daga sama zuwa ƙasa, kowace milimita ta takarda ta samu fiksel 13 da 'yan kai. Alamar ragin da kika sa a cikin fawa, a ce tsawonta milimita 2, kaurinta rabin milimita, za ta fito da fiksel kusan 27 a tsawo da 7 a kauri. Wannan ko ba gilashi a idon mutum zai gani.

Amma da wuya ɗalibi ya ɗauki shafi ɗaya. Littafi ake buɗewa a shimfiɗe, a miƙe tsaye, a ɗauko shafi biyu har da gefen tebur da kalkuleta. A nan rabin fiksel ɗin da ya kamata su sauka a kan rubutu sun tafi a kan abin da ba a tambaya ba. Sannan aka tura ta manhajar hira a matsayin hoto na yau da kullum, ita kuwa manhajar tana rage girmansa kafin ya tafi don ya yi sauƙin aikawa. A ce ta mayar da tsawon daga 4000 zuwa 1600. Yanzu milimita ɗaya ba ta kai fiksel 3 ba. Alamar ragin nan ta koma fiksel 5 a tsawo, ɗaya da ɗan ɗori a kauri. Bayan haka tsarin JPEG, wanda aka tsara don hotunan fuskoki da wurare, yana yanka hoto gida-gida, fiksel 8 a tsaye 8 a kwance, a kowane gida yana zubar da ƙananan bambance-bambancen da yake ganin ido ba zai yi kewarsu ba. Alamarki gaba ɗayanta ba ta cika gida ɗaya ba. In da fensir mai haske kika rubuta, kuma ta kwanta a kan shuɗin layin littafi, to ta narke cikin layin ke nan.

Na san yadda abin ke kasancewa a ɗaya ɓangaren. Da dare ne, saƙonni sun taru, na buɗe hoto, na sa yatsu biyu na ja shi ya girma. A gefen ƙaramin 2 akwai wata 'yar inuwa toka-toka, ba za ka rantse ko rubutu ne, ko layin takarda, ko datti ba. Wani lokaci nakan tsaya na tambaya. Wani lokaci kuma, gaskiya, ido ya gaji, ƙwaƙwalwa ta zaɓi abin da ta fi sabawa da shi, kuma x² ya fi x⁻² yawa a duniya.

Saboda haka gyara mafi girma bai buƙatar sabuwar waya. Matso kusa, tambaya ɗaya ko rabin shafi ya cika allon. In aikin shafi uku ne, hoto uku ne, ba ɗaya ba. Kada dai ki matso har kyamarar ta kasa tsayar da ganinta. Yawancin wayoyi suna fara dushewa in an kusanto takarda ƙasa da santimita 10 ko makamancin haka. Ki taɓa allon a daidai kan rubutun, ki ɗan jira ya washe, sannan ki danna. Wajen turawa kuma ki zaɓi Document maimakon Gallery, domin ta wannan hanyar fayil ɗin yana tafiya yadda yake, ba a matse shi ba. Ki guji sikirinshot na hoto, da hoton da aka turo wa wani ya turo wa wani. Sikirinshot girman allon wayarki kawai yake ɗauka, ba girman hoton na asali ba.

Sai maganar karkata, wadda ɗalibai suka fi rainawa. A lissafi mazaunin alama ma'ana ne. 2 da ke zaune daidai da x, da wanda ya ɗaga sama, da wanda ya sauko ƙasa, abubuwa uku ne: x2, x², x₂. Idan kina zaune kika ɗaga waya daga inda kike, kyamarar tana kallon takardar a kaikaice, saman shafin ya yi nisa ya tsuke, ƙasansa ya yi kusa ya baje. Layukan da ke nesa suna matsewa, tazarar da ke nuna cewa lamba ta ɗaga sama tana raguwa, ƙaramin rubutu da babba suna kusantar juna. Ƙari a kan haka, kyamara ba ta iya tsayar da ganinta a kan na kusa da na nesa lokaci guda, dole ɗaya ya dushe. Ki tashi tsaye, ki riƙe wayar a kwance saitin takardar kamar murfi a kan akwati. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: dubi gefen sama da gefen ƙasa na takardar a allon, in faɗinsu ɗaya ne kin daidaita, in sama ya fi tsukewa kin karkata. Littafi mai kauri kuma yana lanƙwashewa kusa da ɗinki, kuma a shafin dama nan ne farkon kowane layi yake, inda ragin da ke gaban amsa ke zama. Ki danne shi da wani abu mai nauyi a wajen rubutun, ko ki kwafe tambayar a farar takarda guda.

Haske kuwa, abu biyu ne ke ɓata shi. Na farko inuwar wayar da hannunki in fitila tana saman kanki. Na biyu filasha. Bakin fensir yana da ƙyalli, in filasha ta buge shi kai tsaye sai ya maido da hasken, rubutun da ke tsakiyar shafi ya koma fari fat. Hasken da ke zuwa daga gefe, na taga ko na fitilar da aka ajiye a hannun hagu ko dama, shi ya fi. A ɗaki mai duhu kyamara tana daɗewa a buɗe don ta tara haske, ɗan rawar hannu sai ya shafe siraran layuka, sannan wayar ta bi hoton tana goge ƙura-ƙuran da duhu ya jawo, ta haɗa da ɗigonki ta goge. Ki kuma shafe gilashin kyamarar da gefen riga kafin ki ɗauka. Abin dariya ne yadda maiƙon yatsa ɗaya ke sa shafi duka ya yi hazo.

Za a ce miki ki yi amfani da manhajar sikan, kuma shawara ce mai kyau: tana miƙar da karkataccen shafi, tana haɗa shafuka da yawa a PDF ɗaya a jere. Amma akwai tarko a cikinta. Zaɓin da ke mayar da shafi fari da baƙi zalla yana yanke hukunci a kan kowane fiksel, ko fari ko baƙi, babu tsakiya. Duk abin da bai kai wani mataki na duhu ba ya zama fari. Shafin yana fitowa gwanin kyau kamar daga injin buga takarda, kuma wannan kyan ne haɗarin, domin a hoto na yau da kullum alamar da ta dushe tana barin inuwar da za ta sa mutum shakka, a nan kuwa ko sawunta ba ya saura. Ni kaina na taɓa jan layi ja a ƙarƙashin aikin wani ɗalibi a kan ya rubuta f inda ake buƙatar f′, layi bayan layi. Ya zo da littafinsa, ga karan nan a kowane layi, da fensir, siriri. Manhajar ce ta cinye su duka. Na mayar masa da makinsa, na kuma ba shi haƙuri. In da fensir aka yi aiki, a bar sikan ɗin a launinsa na asali ko a toka-toka. Abin da ya fi duka, wanda za a tura a rubuta shi da biro baƙi ko shuɗi mai duhu.

Akwai kuma abin da kyamara ba ta da laifi a kansa. Kyakkyawan hoto na rubutu mai harshen damo, harshen damo zai nuna. In kin rubuta 1/2x a layi ɗaya, ni ban san ko 1/(2x) kike nufi ko (1/2)x ba, kuma in x = 4 na farko 1/8 ne, na biyu 2. Haka rufin alamar √: in bai miƙe ya rufe duk abin da ke ƙarƙashinsa ba, √(x+1) ya koma √x + 1. Ki ja layin rabawa a kwance, dogo, ya wuce duk abin da ke samansa da ƙasansa. Ki sa wa z ɗan layi a ciki kada ya zama 2, ki sa wa 7 ma kada ya zama 1, ki lanƙwasa ƙafar t kada ta zama +, ki rubuta x mai lanƙwasa kada ya rikice da alamar ninkawa. Fawa mai ragi kuma ki rubuta ta da ɗan girma, ragin ya yi tsawo, ki nisanta shi daga layin littafin. Ko kuma ki kauce wa matsalar gaba ɗaya ki rubuta 1/x² a tsaye, 1 a sama, dogon layi, x² a ƙasa. Babu matsewar da za ta haɗiye wannan.

Ɗabi'a ɗaya da nake roƙon ɗalibaina, wadda da kin yi ta da duk wannan bai faru ba: a ƙarƙashin hoton a buga tambayar da haruffa, ko da layi ɗaya.

```
∫ x^(-2) dx, 1 ≤ x ≤ 2
```

Ki ƙara da amsar da kika samu da hanyar da kika bi a taƙaice. Da malaminku ya ga "na samu −1/x, na sa 2 da 1, ya ba ni −1/2 + 1 = 1/2", da nan take ya gane cewa ba x² kike aiki da shi ba, domin x² ba ya haifar da −1/x. Shaidu biyu ke nan, hoto da rubutu, in ɗaya ya gaza ɗayan ya tsaya. Kuma in kina yanke hoton don ya matso, kada ki yanke umarnin da ke saman tambayar ko sharaɗin da ke ƙarshenta. Sau da yawa ana turo min ƙwaryar lissafin kawai, ba a ce a sauƙaƙa ba, ba a ce a warware ba, ba iyaka, sai "Malam don Allah wannan".

Bayan kin tura, ki buɗe wanda ya tafi, daga cikin hirar ko daga shafin da aka ɗora aikin, ba wanda ke ajiye a wayarki ba. Ki rufe littafin. Ki ja hoton ya girma, ki nemo alama mafi ƙanƙanta a shafin, ki karanta layin a fili kamar ba ke kika rubuta ba. Wannan na ƙarshen shi ne mai wuya, domin idonki ya riga ya san akwai ragi a wurin, zai gan shi ko babu shi. Shi ya sa hoton ya zama tsaf a wurinki. In akwai abokiyar karatu kusa, miƙa mata ta karanta miki. In ta ce "wannan ragi ne ko me?", sake ɗauka.

Yanzu abin da ya fi damuna a wasiƙarki, ba hoton ba ne, gogewar ce. Kin goge aiki mai kyau don wani ya faɗi wata lamba. Kina da hanyar gwadawa a hannunki ba tare da kowa ba. Tsakanin x = 1 da x = 2, darajar 1/x² tana sauka daga 1 zuwa 1/4. Faɗin tazarar 1 ne. To filin da ke ƙarƙashin layin dole ya faɗa tsakanin 1/4 da 1. Amsarki, 1/2, tana ciki. 7/3 ya haura 2, ba yadda za a yi ya shiga. Shi kuwa x² yana hawa daga 1 zuwa 4 a wannan tazarar, kuma 7/3 ya zauna daidai a can. Minti ɗaya da wannan tunanin ya isa ya gaya miki cewa ba kuskuren lissafi ne tsakaninku ba, tambayoyi biyu ne. Ko ki bi ta baya: ɗauki −1/x ki yi masa difarensiyeshan, ki ga ko x⁻² zai dawo. Zai dawo. Gaba in amsarki da ta malami sun saɓa, kafin ki taɓa abin gogewa ki rubuta masa: "Malam, fawar −2 ce, haka ka gani?"

Game da laifi kuwa, tunda kin tambaya kai tsaye: hoton naki ne, gyaransa a hannunki yake. Amma shi ma yana da nasa kason. Mai koyarwa in ya ga amsar ɗalibi ta yi nisa da tasa haka, kamata ya yi ya maimaita tambayar yadda ya karanta ta kafin ya ba da lamba, kuma maganar da za a iya yi a gefe ba sai an yi ta a gaban aji ba. Ina kyautata zaton gargaɗi ya so yi wa kowa ya ɗauke ki misali, ba tare da ya auna yadda zai sauka a kanki ba. Mukan yi haka, ba daidai ba ne, amma ba ƙiyayya ba ce.

Ki same shi bayan darasi da littafin a hannu. Ba ƙorafi za ki kai ba. Ki ce, "Malam, ga tambayar nan ta ranar, ina so in ga yadda ta fito a wayarka don in gyara ɗaukar hotona." Ki ajiye littafin kusa da allon wayarsa ku duba tare. Za ki ga da idonki inda ragin ya shiga, ko cikin layin takarda, ko cikin inuwa, ko cikin lanƙwasar ɗinki, kuma daga nan za ki san wanne daga cikin abubuwan da na ambata ne naki. Ki tambaye shi kuma yadda ya fi son a turo masa aiki, PDF ko hoto, domin wasu wayoyin, irin su iPhone, suna ajiye hoto a tsarin HEIC wanda ba kowace kwamfuta ke buɗewa ba. Tambayarki ta gaba kuma ki tura ta cikin makon nan, shafi ɗaya, da biro, da layin da kika buga a ƙasa.